Yadda na tsara amsar imel ta hutun mako goma sha huɗu

Lokacin da likita ya tsayar da ranar da za a yi mini tiyata a gwiwa, ya kuma ce in ƙiyasta wata uku ko fiye kafin in koma bakin aiki, na zauna na rubuta duk ayyukan da zan miƙa wa abokan aikina, kuma amsar imel ta atomatik ce na ajiye a can ƙarshen takardar, domin a ganina aikin minti biyar ne. Ina aiki ne a sashen sayen kayayyaki, inda a kowace rana saƙonni ke shigowa daga masu kawo mana kaya, wasu suna turo takardar farashi, wasu suna tambayar inda aka kwana kan biyan kuɗinsu, wasu kuma suna sanar da ranar da kaya za su iso. Hutun zai fara ranar Litinin 3 ga Maris, kuma a takardar da ofis ya amince da ita an rubuta cewa zan dawo ranar Litinin 9 ga Yuni, wato mako goma sha huɗu cif.

Abin da na fara rubutawa shi ne irin wanda na saba bari idan zan yi tafiyar kwana uku. Ya ce: "Na gode da saƙonku. Ba na ofis daga 3/3 zuwa 9/6. Idan abin na gaggawa ne, a tuntuɓi Malama Wance. Zan amsa da zarar na dawo." A nan zan riƙa kiran abokiyar aikin tawa Malama Wance, tunda ba sunanta ne abin dubawa ba. Ita ce shugaban sashenmu ya ce za ta riƙe teburina, kuma saboda an riga an faɗi haka a taro, ban ga dalilin sake tambayarta ba. Sai dai ranar Laraba, saura kwana biyar in tafi, na buga rubutun a takarda na ajiye mata a kan tebur, ba don neman shawara ba, don kawai ta duba ko na rubuta adireshinta daidai.

Ta karanta sau biyu, sannan ta ɗora yatsa a kan kalmar gaggawa ta ce, "Malam, wa zai yanke cewa abu na gaggawa ne, kai ko wanda ya rubuto?" Na ce wanda ya rubuto mana. Ta ce to a nan matsalar take, domin mai jiran kuɗinsa kullum a gaggauce yake, zai zo wurinta alhali ba ta da ikon amincewa da biyan ko sisi, shi kuwa mai kunya da ya turo takardar farashi wadda wa'adinta kwana talatin ne zai ce a ransa abin ba na gaggawa ba ne, ya yi shiru yana jirana, wa'adin ya ƙare a akwatin da babu mai buɗewa. Kalmar da na sa don in rage mata nauyi za ta kawo mata waɗanda ba za ta iya taimaka wa ba, ta kuma hana waɗanda za ta iya taimaka wa zuwa. A hutun kwana uku wannan kalma tana da amfani, saboda akwai abin da zai iya jira. A hutun mako goma sha huɗu kusan babu abin da zai iya jira, don haka rarraba saƙonni bisa gaggawa ba ta da ma'ana, sai dai a rarraba su bisa irin aikin.

Muka ɗauki kusan awa ɗaya muna bin saƙonnin da na karɓa a wata biyu da suka wuce, muna duba kowanne muna tambayar wa zai iya gama shi idan ba na nan. Muka ga sun kasu kashi uku. Mafi yawa na farashi ne da odar kaya da ranar isowa, kuma waɗannan duka tana iya gamawa da kanta. Na biyu tambayoyin biyan kuɗi ne, waɗanda ni ma ba ni ke biya ba, sai dai in taka zuwa sashen kuɗi in tambaya in dawo da amsa, don haka babu dalilin da zai sa ta gaji wannan zirga-zirgar, gara a nuna wa mutane adireshin sashen kuɗi kai tsaye. Na uku, wanda bai fi saƙo biyar ko shida ba, na sabunta yarjejeniya ne da canza sharuɗɗa, wanda ke buƙatar sa hannun shugaban sashe. Na so in jera duka ukun a cikin amsar, amma ta ce mutumin waje ba lallai ba ne ya san ko tambayarsa ta faɗa kashi na ɗaya ko na uku, idan aka ba shi ƙofa uku zai ƙwanƙwasa dukansu a lokaci guda, mutum uku su tsaya kowa yana zaton ɗayan ya amsa. Muka tsaya kan ƙofa biyu: biyan kuɗi ya tafi sashen kuɗi, duk sauran ya zo wurinta, ita kuma ta san abin da za ta haura da shi wurin shugaba.

A tsakiyar wannan ne ta faɗi abin da ban sani ba, wanda kuma da ban kai mata takardar ba da ban taɓa ji ba. Ita ma tana da hutun mako biyu a cikin Afrilu, an riga an amince mata tun farkon shekara. Da na bar rubutuna na farko, a waɗannan makonni biyu duk wanda ya rubuto mini zai sami amsa mai cewa ya nemi Malama Wance, ya rubuta mata ya sami amsa mai cewa ba ta nan, kuma da yake ni ne na saba riƙe mata tebur, sunana ne ke cikin tsohuwar amsarta. Mutum zai zaga ya dawo inda ya faro. Mafita biyu muka gani. Ko in rubuta a cikin amsata cewa daga rana kaza zuwa rana kaza a nemi wani daban, wanda zai tsawaita saƙon ya kuma bayyana wa mutanen waje jadawalin hutun wata, ko kuma in ba da adireshin akwatin sashe wanda mu huɗu muke buɗewa, in ambaci sunanta a matsayin wadda ke kula da aikin. Muka zaɓi na biyu. Sunan yana nan domin mai rubutu ya san akwai mutum takamaimai da ke da alhakin amsa masa, ya kuma san wa zai ambata idan ya bugo waya, adireshin kuwa ba ya tafiya hutu. Na tambaye ta ko in sa lambar wayarta, ta ce lambar tebur kawai, ta hannu kuwa a'a, kuma ban yi gardama ba, domin amsar za ta je wa duk wanda ya rubuto, har da waɗanda ba ta taɓa jin sunansu ba.

Jimlar da ta fi ba ni wahala ita ce wadda babu ita sam a rubutuna na farko, wato me ya sami saƙon da mutumin ya aiko yanzu. Wanda ya karanta "a tuntuɓi Malama Wance" bai san ko an riga an tura mata saƙonsa ba, ko akwai mai leƙa akwatina, ko kuwa sai ya sake aikawa. Da yawa za su ɗauka cewa tun da na ambace ta, ta gani. Gaskiyar lamarin ita ce ba za a tura komai ba. Na yi tunanin kafa ƙa'idar da za ta riƙa tura mata duk abin da ya shigo, amma a akwatin nan akwai saƙonnin sashen ma'aikata game da albashina da takardun asibiti, kuma ba na so su faɗa hannun kowa. Tunda ba za a tura ba, dole amsar ta faɗi hakan ɓaro-ɓaro, ta kuma faɗi abin da mutum zai yi, wato ya sake aikawa tare da duk takardun da ya maƙala. Batun takardun ba ƙarami ba ne, domin mutane sukan rubuta wa sabon adireshin cewa "kamar yadda na aika wa Malam Wane", su manta cewa wadda ke karantawa ba ta ga abin da suka aika ba.

Daga nan sai na goge "zan amsa da zarar na dawo". Na ƙirga, a rana ina karɓar saƙo wajen arba'in, a kwanakin aiki saba'in kuwa abin zai kai dubu biyu da ɗari takwas. Ko da zan iya karanta su duka, amsa wa tambayar Maris a watan Yuni ba ta da amfani ga kowa, kuma alkawarin yana da wata illa, domin yana ba mai rubutu uzurin zama ya jira maimakon ya bi hanyar da aka nuna masa. Na maye gurbinsa da cewa duk wanda yake son maganarsa ta zo gare ni ni kaina, ya sake rubutowa bayan na dawo. Da farko na ji kamar akwai rashin ladabi a ciki, amma na ga cewa rashin ladabin da ya fi shi shi ne in yi alkawarin da na san ba zan cika ba.

Kwanan watan ma sai da na sake. Muna da masu kawo kaya a ƙasashen da ake fara rubuta wata kafin rana, kuma a wurinsu 9/6 yana nufin 6 ga Satumba, bambancin kusan wata uku. Na rubuta sunan watan da haruffa, na ƙara sunan ranar. Sannan kalmar "zuwa" tana barin shakka, ko 9 ga Yuni ita ce ranar ƙarshe ta hutu ko ranar farko ta aiki. Abin da ya fi damuna shi ne ni kaina ban tabbata da ranar ba, tunda likita ya ce sai yadda gashin ƙafar ya kasance. Idan na ce zan dawo ranar 9 na yi alkawari, idan na ce ban san ranar dawowa ba na jawo tambayoyi da zato iri-iri. Na tsaya kan cewa ba zan koma bakin aiki kafin Litinin 9 ga Yuni ba, wanda gaskiya ne ko na dawo a ranar ko na ƙara mako biyu. Dalilin hutun kuwa ban ambata ba. Mai neman sanin ranar da za a karɓi kayansa ba ya buƙatar labarin gwiwata, kuma "dogon hutu" ya ishe shi ya fahimci cewa jira ba zai yi ba.

Ga abin da ya fita na mutanen waje bayan duk wannan gyara:

"Ina dogon hutu daga Litinin 3 ga Maris, kuma ba zan koma bakin aiki kafin Litinin 9 ga Yuni ba. Babu mai karanta wannan akwati a tsawon lokacin, kuma ba a tura saƙonku ga kowa ba. Don Allah a sake aika shi, tare da duk takardun da aka maƙala, zuwa adireshin sashenmu da ke ƙasa, inda Malama Wance ke kula da farashi, oda da isowar kaya a madadina. Tambayoyin biyan kuɗi kuwa a aika su kai tsaye ga sashen kuɗi a adireshi na biyu. Wanda yake son magana da ni kaina, ya sake rubutowa bayan na dawo. Na gode."

A ƙasa na sa adireshi biyun da lambar tebur. Da gangan ban rubuta sunan wanda ke amincewa da biyan kuɗi ba, domin masu damfara sukan aika saƙon banza don kawai su ga amsar atomatik, su san wane ne ba ya nan da wanda ke riƙe masa, sannan su rubuta wa mai riƙon da sunan wani ɗan kwangila cewa an riga an daidaita da wanda ya tafi kan canza lambar asusun banki. Na gaya wa Malama Wance cewa babu wani canjin asusu da na amince da shi kafin tafiyata, don haka duk wanda ya zo mata da irin wannan magana ta kira shi ta lambar da ke cikin tsohon fayil, ba ta wadda ke cikin sabon saƙon ba.

Ofishinmu yana amfani da manhajar imel ta Outlook, kuma a cikin `Automatic Replies` akwai shafi biyu, `Inside My Organization` na abokan aiki da `Outside My Organization` na mutanen waje. Na cikin gida na rubuta shi daban, gajere, domin abokan aiki sun san sashen, abin da suke buƙata shi ne wa ke riƙe da me, don haka a can na ambaci shugaban sashe da batun yarjejeniya, na kuma faɗi inda takardar miƙa aiki take. Na cire godiyar da ke farko na fara da rana da suna, saboda idan abokin aiki ya sa sunana a sabon saƙo, Outlook yana nuna masa farkon amsar a saman shafin tun kafin ya aika, kuma farkon kawai yake nunawa, don haka layin farko ne ke da damar juya shi zuwa inda ya dace. A shafin waje akwai zaɓi tsakanin `My Contacts only` da `Anyone outside my organization`. Na zaɓi na biyu duk da haɗarin da na ambata, domin sababbin masu neman kawo kaya ba sa cikin jerin sunayena, kuma su ne suka fi buƙatar a nuna musu hanya.

Akwai akwati mai suna `Only send during this time range` wanda ke kunna amsar ya kuma kashe ta da kansa. Na bar shi babu alama. Dalilina shi ne idan na sa ta mutu ranar 9 ga Yuni, hutun kuma ya ƙaru, akwatin imel ɗina zai koma shiru kamar na wanda ke kan tebur, alhali idan na manta ban kashe ba a ranar da na dawo, abin da zai faru kawai shi ne wani ya yi mini dariya da safe in kashe. Na kunna ta da hannu ranar Juma'a da yamma, na aika wa kaina saƙo daga adireshina na gida don in ga ta waje, na roƙi Malama Wance ta aiko mini don mu ga ta ciki. A wannan gwajin ne muka gano harafi ɗaya ya faɗi a adireshin sashen kuɗi. Na gyara, na kwafi adireshin daga cikin amsar kanta na aika masa saƙo, na jira har aka ce mini ya iso.

Duk da wannan shiri, abu ɗaya ya kuɓuce mini, kuma ba a cikin kalmomin da na rubuta yake ba, a cikin jimlar da ban san ana buƙata ba yake. A mako na goma Malama Wance ta bugo mini waya, ta fara da ba ni haƙuri da tambayar jiki, sannan ta ce, "Malam, wani mai kawo mana kaya ya kira yana faɗa, wai ya rubuto maka sau uku a wannan watan ba ka amsa ba, kuma ya ce ai ka dawo." Na tambaya me ya sa yake ganin na dawo. Ta ce a Maris ya rubuto ya sami amsar hutu, a Mayu ya rubuto bai sami komai ba, sai ya ɗauka an cire amsar saboda ina kan tebur. Ranar dawowar da ya karanta wata biyu da suka wuce tuni ta fita daga ransa.

Dalilin shi ne uwar garken Exchange, wadda ke sarrafa imel ɗin ofishinmu, tana aika amsar atomatik sau ɗaya tak ga kowane adireshi, ta ajiye sunansa a jerin waɗanda aka amsa wa, kuma ba ta sake amsa masa sai an kashe amsar an sake kunnawa, wanda ke share jerin. An yi hakan ne don kada akwatuna biyu masu amsa ta atomatik su yi ta jefa wa juna saƙo ba iyaka, kuma a hutun mako ɗaya babu wanda zai lura. Gmail ba haka yake ba, domin `Vacation responder` ɗinsa yana sake aika amsar ga mutum idan ya sake rubutowa bayan kwana huɗu. Gwajin da na yi ranar Juma'a ba zai taɓa nuna mini wannan ba, tunda saƙo ɗaya na aika daga kowane adireshi. Da na aika na biyu na ga shiru, da na fahimta tun a lokacin.

Na shiga akwatin ta waya a ranar, ba tare da na buɗe saƙo ko ɗaya ba, na ƙara jimla a bayan layin farko: "Wannan amsa sau ɗaya za ta zo muku, don haka idan kun sake rubutowa ba ku ga komai ba, ba yana nufin na dawo ba ne." Sannan na kashe amsar na sake kunnawa domin duk wanda ya rubuto daga ranar ya sami sabuwa. Mutumin da ya yi faɗan kuwa Malama Wance ta roƙe shi ya sake turo takardunsa uku zuwa akwatin sashe, ta tarar ɗaya daga ciki takardar farashi ce wadda saura kwana huɗu wa'adinta ya cika, ta gama da ita a washegari.

A ƙarshen Mayu likita ya ƙara mini mako biyu. Kafin in taɓa rubutun na kira Malama Wance na tambaye ta ko za ta iya ci gaba da riƙo har 23 ga Yuni, ta ce za ta iya, amma in cire batun isowar kaya daga cikin ayyukanta a saƙon cikin gida, domin shugaba ya miƙa shi ga wani tun a watan Afrilu. Na canza ranar a shafi biyun, na gyara sunan a na ciki, na kashe na kunna, sannan na aika saƙo biyu a jere daga adireshina na gida. Na farko ya dawo da amsa mai ɗauke da 23 ga Yuni, na biyu kuma bai dawo da komai ba.